Wa Zai Yi Aiki Ranar Sallah? Yadda Ake Raba Aiki da Hutu a Gidan Mai

Da yawa daga cikinmu muna haɗa karatu da ɗan aikin neman kuɗin makaranta: gidan mai, kemis, gidan burodi, otal. Wasu kuma da zarar sun karɓi takardar gama difloma, abu na farko da za a miƙa musu a wurin aiki shi ne biro da takarda, a ce su tsara wanda zai yi safe da wanda zai yi yamma. Ba a koyar da wannan a aji, amma ya fi komai saurin haɗa ma'aikata faɗa, musamman a Kaduna. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 mazaunan garin suka ja baya da juna, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa. Wurin aiki na cikin 'yan wuraren da har yanzu ake wuni tare. Shi ya sa idan jadawali ya karkata, ba a cewa manaja bai iya lissafi ba, cewa ake yi yana nuna bambanci.

Gwamnatin jiha ta sauƙaƙa wa kanta nata. Daga 1 ga Disamba 2021 ta mayar da aikin ofisoshinta kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis, don haka maganar Juma'a da Lahadi ta fita daga hanya. Amma gidan mai ba ya rufewa don Juma'a ta zo, haka ma kemis.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce akwai gidan mai a Hayin Banki, kusa da Kawo, yana buɗewa ƙarfe 6 na safe ya rufe 10 na dare, kullum. Aiki kashi biyu ne: na safe daga 6 zuwa 2, na yamma daga 2 zuwa 10, kuma kowane kashi yana buƙatar mutum biyu a kan famfo. Masu sayar da man su shida ne. Akwai dattijo da ya fi kowa daɗewa, akwai magidanci mai kai yara makaranta, akwai ɗalibi ɗan uwanmu da yake da lacca da safe, akwai mace mai shayarwa. Waɗannan huɗun Musulmi ne. Sai Kirista biyu: wata uwa da take zuwa daga Sabon Tasha, can ƙetaren kogi, da wani saurayi da yake zaune nan kusa.

Lissafi kafin sunaye

Kuskuren da sabon manaja yake yi shi ne ya fara da tambayar kowa ranar da yake so. A'a, fara da ƙirga gurabe. Kashi biyu, mutum biyu-biyu, kwana bakwai: gurabe 28 ke nan a mako. Wannan lambar ba ta san addinin kowa ba, dole a cike ta.

Sai ka duba abin da doka ta ce. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ba ma'aikaci hutun yini guda, awa 24 a jere, a cikin kowane kwana bakwai. Wanda kuma zai yi awa shida ko fiye a yini, dole a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba a tsakiyar aikin. Wato iyakar abin da mutum ɗaya zai ɗauka gurbi shida ne a mako. (Dokar ta shafi masu aikin ƙarfi da na akawu irin masu sayar da mai. Manajoji da ƙwararru, nasu yana cikin takardar ɗaukar aikinsu.)

Yanzu ga abin da lissafin ya nuna. Idan duk shidan suna nan, mutum huɗu su yi kwana biyar, biyu su yi kwana huɗu, an samu 28, kuma gajeren makon yana zagayawa. Idan ɗaya ya tafi hutu, biyar ɗin da suka rage za su iya: uku su yi kwana shida, biyu su yi biyar. Amma idan biyu suka tafi a lokaci guda, huɗu sau shida 24 ne kawai, gurabe huɗu sun rasa mai su. Daga nan ƙa'idar farko ta fito da kanta, ba manaja ya ƙirƙira ba: ba a barin mutum biyu su tafi hutu a mako ɗaya. Idan ka rubuta lissafin nan ka liƙa a bango, ranar da ka hana wani hutu zai ga dalilin da idonsa.

Juma'a da Lahadi ba tsawonsu ɗaya ba

Mutane suna cewa abin mai sauƙi ne: Kirista su riƙe Juma'a, Musulmi su riƙe Lahadi, shi ke nan. A baki yana da daɗi. Amma abin da maza ukun nan suke buƙata ranar Juma'a kamar awa biyu ne da rana, kuma matsalar ita ce awa biyun sun faɗo daidai lokacin canjin aiki, ƙarfe 2. Mai aikin safe yana so ya tafi da wuri, mai aikin yamma ba zai iso ba sai an sauko. Maganinsa, a matsar da canjin na ranar Juma'a zuwa ƙarfe 3. Na safe ya zama awa tara, na yamma awa bakwai. Waɗanda za su iya tsayawa a kan famfo a lokacin masallaci su uku ne, Kiristocin biyu da mai shayarwa, kuma biyu ake buƙata, don haka kowannensu zai yi Juma'a biyu cikin uku. Ita ma mai shayarwar a tambaye ta, kada a ɗauka tunda mace ce ba ta zuwa masallacin Juma'a.

Lahadi kuwa safiya ce sukutum, don wanda ya tafi coci ba a sa ransa kafin azahar. To idan aka ce Kiristocin biyu su huta Lahadi gaba ɗaya kowane mako, gurabe huɗun ranar sun faɗa kan Musulmi huɗu, ma'ana babu ɗayansu da zai taɓa wuni a gida ranar Lahadi, shekara ta zagayo. Alhali su ma ranar ce yara suke gida, ranar ce ta zumunci da zuwa gaisuwa. An biya awa biyu da yini guda, ba a yi daidai ba. Abin da ya fi shi ne safiyar Lahadi ta zama ta Musulmi biyu, yamma kuma Kirista ɗaya da Musulmi ɗaya. Kowane Kirista yana samun ibadarsa kowane mako da cikakkiyar Lahadi sau ɗaya a mako biyu, kowane Musulmi kuma yana samun tasa kusan sau ɗaya a wata.

Akwai Juma'a ɗaya a shekara da wannan tsarin ba ya aiki, kuma kullum ana mantawa da ita sai ta zo: Juma'ar da ke gaban Ista. Ranar Kiristocin biyu suna coci, mazan uku suna masallaci, saura mutum ɗaya. A 2024 ma ta faɗo 29 ga Maris, cikin azumi. Kada ka wahalar da kanka neman dabara. Ka sanar tun da wuri cewa za a rufe famfo na awa ɗaya da rabi, a ja igiya a ƙofa. Asarar cinikin ba ta kai ta rigimar da za a yi ba.

Sallah da Kirsimeti

A nan ne yawan mutane yake nuna kansa. Ranar Kirsimeti gurabe huɗu, Musulmi huɗu, kowa ya yi kashi ɗaya, Kiristocin su huta tun daga safe har dare. Haka 26 ga Disamba, haka Ista. Babu wanda ya ji jiki.

Juya shi. Ranar Sallah gurabe huɗu ne, Kirista biyu. Sai dai a ce su tsaya daga 6 na safe zuwa 10 na dare, awa 16, kuma ana yin hakan a wurare da dama, a ce musu ai ku ma an riƙe muku Kirsimeti. Ba ɗaya ba ne: wancan ya yi awa takwas, wannan ya yi ninki. A ƙetaren kogi, inda Musulmi ne 'yan kaɗan a wurin aiki, su ake yi wa irin wannan a Disamba. Wanda bai da yawa shi yake ɗaukar ninki, ko wane ne shi.

Gaskiyar da dole Musulmi huɗun su karɓa ita ce ba za su huta Sallah gaba ɗayansu ba. Kiristocin su riƙe safiya, lokacin Idi, biyu daga cikin huɗun su karɓa da yamma. Ranar farko ta ƙaramar Sallah dattijo da ɗalibi, rana ta biyu magidanci da mai shayarwa. Babbar Sallah a juya, waɗanda suka yi ranar farko su yi ta biyu. Mai shayarwar da ba ta yin yamma, sai ta yi musanya ta ɗauki safiyar rana ta biyu. Idan magidanci ya ce shi ne mai yanka kuma aikin nama ba ya ƙarewa kafin la'asar, hujja ce mai ƙarfi, amma ya nemi wanda zai yi musanya da shi a rubuce, ya biya da ranar farko ta ƙaramar Sallah mai zuwa. Ita kuma uwar da za ta taso daga Sabon Tasha ta iso kafin 6 a safiyar da motocin haya suka yi ƙaranci, kuɗin motarta na ranar a wuyan gidan man yake.

Wani abu da yake rikita sababbin manajoji: Kirsimeti kana iya rubuta ta tun Janairu, Sallah ba haka ba. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kusan kwana 11, ranar ƙaramar Sallah kuma ba ta tabbata sai an ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, sau da yawa da daddare. Don haka kada ka ɗaura jadawalin a kan kwanan wata. Rubuta kashi biyu, "idan an ga wata" da "idan azumi ya cika talatin", kowa ya san inda zai kasance a kowanne. A 2025 Sallar ta faɗo Lahadi, 30 ga Maris, wato Idi da coci a safiya ɗaya. Irin wannan ranar, ko a buɗe da rana, ko Kiristan da cocinsu yake da ibadar yamma ya yarda ya riƙe safiyar a rubuta masa bashi.

Waɗanda ake jibga wa yamma

Rigimar addini ita ake jin ƙararta, amma wadda ta fi cin mutane a ɓoye ta iyali ce da shekaru. Gurabe 14 ne na yamma a mako. Mai shayarwa ba za ta iya ba. Uwar Sabon Tasha idan ta tashi 10 na dare, sai ta ƙetare gada ta kai gida wajen sha ɗaya da rabi. Dattijo kuma kowa yana jin nauyinsa. Idan aka cire ukun nan, sauran uku za su raba 14, kusan duk aikinsu ya zama na dare. Galibi kan samari abin yake ƙarewa, da hujjar cewa ba su da iyali. Mara aure ma yana da uwa a gida, yana da karatu, yana neman auren.

Ga rabon da zai iya tafiya. Ɗalibi yana son yamma saboda lacca, a ba shi biyar, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Saura tara: saurayi uku, magidanci uku, dattijo biyu, uwar Sabon Tasha ɗaya tare da kuɗin mota. Mai shayarwa babu, amma a rubuta watan da rangwamen zai ƙare. Rangwamen da ba shi da ranar ƙarewa shi yake zama gata, kuma shi ake yi wa gunaguni a bayan ido. Dokar Ƙwadago a sashe na 54 ta ba ta rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Wannan haƙƙinta ne, ba a lissafa shi cikin alfarma.

Abu ɗaya da bai kamata a yi wa kowa ba, yaro ko babba: ya rufe 10 na dare ya buɗe 6 na safe. Awa takwas ce a tsakani, a cire hanya da wanka da cin abinci, barcin bai fi awa biyar ba. Mai bacci a ido shi yake zuba fetur a motar gas, shi yake ba da canjin da ya wuce, a ƙarshen wata a yanke a albashinsa. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2003 ta sa awa 11 tsakanin tashi da komawa, ma'auni ne mai kyau a ara. Daga 10 na dare awa 11 ta kai 9 na safe, don haka wanda ya yi yamma, gobe ko yamma ko hutu.

To ta yaya za a san an yi daidai? Da littafi. A ware guraben da kowa yake gudu: safiyar Juma'a mai awa tara (biyu), yammar Asabar (biyu), Lahadi (huɗu). Takwas a mako, a wata uku, wato mako 13, sun zama 104. Raba shida, kowa 17 ko 18. Kowane Kirista zai yi Juma'a tara, yammar Lahadi shida ko bakwai, Asabar biyu. Mai shayarwa Juma'a takwas da safiyar Lahadi tara. Mazan uku da ba sa taɓa yin safiyar Juma'a, kowannensu Lahadi goma da yammar Asabar bakwai ko takwas. Kun ga abin da ya fito: da yammar Asabar suke biyan Juma'arsu, kuma mai shayarwar da ake ganin an yi wa gata tana ɗauke da nata kason cif. Ranakun Sallah da Kirsimeti a yi musu shafi daban, a duba shi shekara-shekara.

Idan a ƙarshen wata uku wani yana da 25 wani yana da 10, jadawalin da ke bango ba shi ake bi ba. Yawanci musanya ce ta cinye shi. Dattijo zai ce wa saurayi, "Ɗana, ka riƙe mini yammar Asabar, ina da ɗaurin aure." Me zai ce? "To, Baba, ba komai." Mako biyu a sake. A al'adarmu yaro ba ya ce wa babba a'a, kuma ba zai je ya ce Baba ya rama masa ba. Don haka musanya ta bi ta hannun manaja, a rubuta wanda ya yi aikin da ranar da za a rama, manajan ne zai tuna wa dattijo, ba yaron ba. Alamar cewa wani ya gaji da haƙuri ita ce zazzaɓin da yake kama shi duk ranar Asabar da rana.

Hutun shekara, haihuwa da rasuwa

Sashe na 18 ya ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwanakin aiki shida da albashinsa, kuma ba a musanya shi da kuɗi sai idan aikin ya ƙare. Shida sau shida kwana 36 ne a shekara, mutum ɗaya-ɗaya, wuri ya isa. Matsalar ita ce kowa makon Sallah ko ƙarshen Disamba yake so. Idan aka ce wanda ya fi daɗewa ya fara zaɓa, dattijo zai riƙe makon babbar Sallah har ya yi ritaya. A jera sunaye a Janairu, na farko ya zaɓa, bana wanda ya fara baɗi ya koma ƙarshen layi.

Hutun haihuwa mako 12 ne a dokar, shida kafin, shida bayan, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Ku koma kan lissafinmu: wata uku cur mutum biyar suna cike gurabe 28, ba mai iya hutu, idan ɗaya ya kwanta ciwo tsarin ya rushe. Mai gidan man ya ɗauki na wucin gadi tun kafin ta tafi. Idan bai ɗauka ba, abokan aikinta ne suke biyan hutun da jikinsu, kuma ita za su ƙullata, ba shi ba.

Rasuwa ce wurin da "kowa a yi masa iri ɗaya" yake cutarwa. Musulmi za a kira shi da hantsi, kafin la'asar an kai mamaci makwanci. Dole ya ajiye famfo ya tafi nan take, sannan ga zaman makoki da sadakar uku. Kirista kuwa sau da yawa ana ajiye gawa sai dangi sun taru, a sa rana bayan mako biyu ko uku, kuma jana'izar a ƙauye take, Zonkwa ko Kagoro ko Kafanchan, yinin tafiya, yinin binnewa, yinin dawowa. Manajan da ya saba da ɗaya kawai zai ce wa na biyu, "Ba kin je tun wancan makon ba?" A sa adadi ɗaya ga kowa, a ce kwana uku ga uwa, uba, ɗa ko abokin zama, amma mai rasuwar ya zaɓi lokacin da zai ɗauka: a jere daga ranar, ko yini ɗaya yanzu, biyu ranar binnewa. Takaba kuma wata huɗu da kwana goma ce, ta ma fi hutun haihuwa tsawo. Idan akwai matar aure Musulma a cikin ma'aikata, a zauna a yanke tun lafiya lau ko gurbinta zai jira ta, da nawa za a riƙa ba ta, a rubuta a shafin farko na littafin.